Direban Manhaja da Ɗan Aiken Babur a Idon Doka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin manyan gidajen abinci a Abuja ko Legas da hantsi ya san wannan hoton. Babura a jere ƙarƙashin inuwa, kowane da akwati a bayansa, samari na zaune a kai, hular kwano a gwiwa, ido a kan waya ana jiran ta yi ƙara. Can gefe ga direbobin mota sun kwantar da kujera, waya maƙale a jikin gilashi, su ma jira suke. Da yawansu ƴan uwanmu ne da suka baro gida neman halali. Muddin jiki lafiya, babur lafiya, asusun manhaja a buɗe, ba mai tambayar matsayinsa a doka. Ranar da aka yi hatsari ko aka wayi gari an rufe asusu, ranar ce tambayar take tasowa, kuma galibi a makare.

Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu. Na fi karkata ga dokar Najeriya, amma dole in leƙa Birtaniya da wasu ƙasashe, domin can ne aka yi manyan shari'o'in da lauyoyinmu ke kafa hujja da su.

Wai me ya sa ake ta cece-kuce a kan ko direba ma'aikaci ne ko a'a?

Saboda kusan duk haƙƙin da dokar ƙwadago ta tanada a kan wannan kalma ɗaya yake rataye. Doka ta san hulɗar aiki iri biyu. Akwai wanda ya sa kansa a ƙarƙashin wani, yana yi masa aiki bisa umarninsa, ana biyansa lada: wannan shi ne ma'aikaci. Akwai kuma wanda ke da sana'arsa, ka ba shi aiki ya yi maka, ka biya shi, ku rabu, kamar birkilan da ka kira ya gyara maka katanga: wannan ɗan kwangila ne mai zaman kansa.

Ma'aikaci a Najeriya yana da abubuwan da ba sai ya roƙa ba. Dokar Ƙwadago ta ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Bayan wata goma sha biyu yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Ba a sallamarsa sai da sanarwa: kwana ɗaya idan bai wuce wata uku ba, mako ɗaya idan bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda idan ya kai shekara biyar. Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta sa mai ɗaukar aiki ya riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya ga hukumar NSITF, domin ranar rauni ko mutuwa a bakin aiki.

Ɗan kwangila ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke rubuce a yarjejeniyarsa shi ne nasa.

To ai na danna na amince da yarjejeniyar da ta ce ni mai zaman kaina ne. Ba shi ke nan ba?

Ba shi ke nan ba. Takarda hujja ce, amma ba ita kaɗai alƙali ke dubawa ba. Akwai ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ajiye a Shawararta mai lamba 198 ta shekarar 2006, cewa abin da ke faruwa a zahiri wajen yin aiki da biyan lada shi ke gaba da sunan da aka raɗa wa hulɗar a takarda. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Najeriya tana aiki da wannan ƙa'ida, kuma sashe na 254C na Tsarin Mulki, wanda aka shigar a gyara na uku na 2010, ya ba ta ikon duba yadda ake yi a duniya a harkar ƙwadago.

Dalilin a fili yake. Kamfani ne ya rubuta yarjejeniyar shi kaɗai. Direba bai zauna teburi da kowa ba, bai cire layi ko ɗaya ba. Ya tsaya ne a bakin titi, ya ga dogon rubutu da Turanci a allon waya, ya gangara ƙasa ya danna, don in bai danna ba manhaja ba za ta buɗe ba. Idan aka bar wannan takarda ta zama ita ce mai yanke hukunci, to an bai wa mai ƙarfi damar ya rubuta da hannunsa cewa dokar da aka yi don kare mai rauni ba ta shafe shi ba.

Wace shari'a ce aka fi kafa hujja da ita, kuma me ta ce?

Shari'ar Uber da Aslam ce a Birtaniya. Wasu direbobin Landan, ciki har da Yaseen Aslam da James Farrar, suka kai ƙara kotun ƙwadago, suka yi nasara a watan Oktoba na 2016. Kamfanin ya yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 19 ga Fabrairu, 2021, alƙalan duka bakinsu ɗaya, cewa direbobin ba masu zaman kansu ba ne.

Hujjar kamfanin ita ce shi dillali ne kawai, yana haɗa fasinja da direba, kuma ainihin ciniki tsakanin su biyun yake. Kotu ta dubi abubuwa biyar, kuma ya kamata kowane direba ya san su, domin zai iya auna kansa da su yau a cikin motarsa.

Na farko, kamfani ne ke yanke kuɗin tafiya, direba ba shi da ikon ƙarawa. Mai sana'ar kansa kuwa shi ke sa wa aikinsa farashi. Na biyu, kamfani ne ya tsara sharuɗɗan duka. Na uku, da zarar direba ya kunna manhaja, ba shi da cikakken ikon ƙin aiki, domin ana ƙirga yawan tafiyar da ya ƙi ko ya soke, in ta yi yawa a fitar da shi daga manhajar na minti goma. Na huɗu, taurarin da fasinjoji ke bayarwa sun zama sandar horo: idan makin direba ya faɗi a yi masa gargaɗi, in bai gyaru ba a raba gari da shi. Na biyar, kamfani ya toshe hanyar da direba zai ƙulla hulɗa da fasinja, wato ba zai iya tara kwastomomin kansa ba.

Wannan na biyar shi ya fi tsaya mini a rai. Ɗan tasin tasha na da, in yana da kirki da tsafta, bayan shekara biyu yana da mutanensa, masu kiransa kai yara makaranta da kai amarya. Direban manhaja zai yi shekara biyar yana kyautata wa mutane, amma sunan da ake ginawa na kamfani ne. Hanya ɗaya ta rage masa ta ƙara samu, ita ce ya ƙara awannin da yake kan titi, kuma kotun ta lura da hakan.

Kotun ta kuma ce lokacin aiki ya haɗa da lokacin jira, muddin direba ya kunna manhaja a yankin da aka ba shi izini kuma a shirye yake ya karɓi tafiya. A watan Maris na 2021 kamfanin ya sanar da bai wa direbobinsa kusan 70,000 a Birtaniya mafi ƙarancin lada, kuɗin hutu da fansho, sai dai ya ce zai ƙirga lokaci ne daga sa'ar da direba ya karɓi tafiya, abin da ya jawo sabuwar jayayya.

A kula da abu ɗaya. Dokar Birtaniya tana da matsayi uku, akwai na tsakiya mai wasu haƙƙoƙi amma ba duka ba, kuma a wannan na tsakiyar aka ajiye direbobin. Hukuncin kuma bai ɗaure kotunan Najeriya ba. Alƙali zai iya karanta shi ya gamsu da hujjojinsa, amma ba dole ya bi ba.

A Najeriya fa, an taɓa kai maganar kotu?

An kai. A 2017 wasu direbobi biyu suka shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Legas, a madadinsu da sauran direbobi, a kan Uber da Taxify, wanda yanzu ake kira Bolt. Sun nemi kotu ta bayyana su a matsayin ma'aikata, a ba su inshorar lafiya da fansho. A watan Disamba na 2018 Mai Shari'a Benedict Kanyip ya kori ƙarar.

Mutane da yawa suna jin haka sai su ce shi ke nan, kotu ta ce direbobi ba ma'aikata ba ne. Ba haka hukuncin ya ce ba. An kori ƙarar ne domin masu ƙara ba su kawo isasshiyar shaida ba. Sun shigo ta hanyar da ake bi idan tambayar fassarar takarda ce kawai, wadda ake dogaro da rantsuwa a rubuce ba tare da an kira shaidu an yi musu tambayoyi ba, alhali maganarsu magana ce ta abin da ke faruwa a zahiri: wa ke ba da umarni, wa ke horo, yaya ake biya. Ƙofa ba ta rufu ba ke nan.

A ganina wannan shi ne babban darasin da ke cikin batun duka. Direbobin Landan sun je kotu da saƙonnin gargaɗi da takardun kamfani, suka tsaya aka yi musu tambayoyi, aka yi wa wakiliyar kamfani tambayoyi. Na Legas sun je da ƙorafin da mai yiwuwa gaskiya ne, amma ba su ajiye wa alƙali abin da zai dafa ba.

Da wane ma'auni alƙalin Najeriya zai auna ni?

Da wanda Kotun Ƙoli ta ajiye a 2008 a shari'ar Shena Security da Afropak. Cikin abubuwan da ake dubawa akwai yadda ake biya, albashi ne ko kamasho ko kuɗin aiki. Wa ke da kayan aiki. Ko mutum na iya wakilta wani ya yi aikin a madadinsa. Ko an ƙayyade awannin aiki. Da kuma inda ake yin aikin.

Gaskiya ita ce wannan ma'auni, da aka yi shi kafin zuwan manhajoji, bai cika taimakon direban mota ba. Mu ɗauki misali, alƙaluman na kwatance ne kawai. A ce direba yana tuƙa mota a Abuja, ya kunna manhaja ƙarfe shida na safe, ya kashe shida na yamma. Tafiyar da ya yi ta kama naira 60,000. A ce kamasho kashi 25 cikin ɗari ne, an cire 15,000. Ya sha man 20,000. Motar ba tasa ba ce, yana kai wa mai ita balas na 10,000 kullum. Saura 15,000, a ciki zai sayi data, ya ci abinci, ya wanke mota, ya ajiye na faci da bakanike.

Lauyan kamfani zai tashi ya ce: ba mu ba shi mota ba, ba mu zuba masa mai ba, ba mu ce ya fito ƙarfe shida ba, ba ma biyansa albashi, hasali ma shi ke biyanmu kamasho, kuma yana da manhajar abokin hamayyarmu a waya guda. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da nauyi.

Lauyan direba zai ce: wa ya yanke cewa tafiyar nan 4,000 ce ba 6,000 ba? Wa ya rage farashi ranar da aka yi garaɓasa ba tare da an tambaye shi ba? Da fasinja ya yi ƙorafi, wa ya dakatar da shi kwana uku? A cikin awa goma sha biyun nan, awa biyar a tsaye ya yi su yana jira, kuma jiran nan shi ke sa fasinja ya sami mota cikin minti huɗu, wanda shi ne hajar da kamfani ke sayarwa. Sannan babban kayan aikin ba motar ba ce, manhajar ce, don in babu ita motar ba ta samun fasinja.

Wanda ya iya tabbatar da nasa da shaida shi zai rinjaya. Shi ya sa direbobi biyu a gari ɗaya za su iya samun hukunci daban.

Ni ɗan aike ne a babur. Matsayina ɗaya da na direban mota?

Ba lallai ba, kuma a nan ana yawan ruɗewa. Ƴan aike kashi biyu ne.

Akwai wanda wani ƙaramin kamfanin kai saƙo ya ɗauka. Babur ɗin na kamfanin ne, akwati da riga da tambarinsu, yana zuwa ƙarfe takwas ya sa hannu, ya mayar da babur da dare, ana biyansa a ƙarshen wata, ko da kuwa ayyukan ta wata babbar manhaja suke shigowa. Wannan a kowane ma'auni ma'aikaci ne, kuma mai gidansa shi ne ƙaramin kamfanin. Ko ba a ba shi takarda ba, yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce a doka. Irin waɗannan su suka fi kowa ƙarfin hujja, kuma abin takaici su suka fi rashin sanin haka.

Akwai kuma wanda ya yi rajista kai tsaye da babur ɗinsa, ana biyansa a kan kowane saƙo. Shi nasa ya fi wuya, kuma kotunan duniya sun rabu a kansa. Kotun Ƙolin Spain a watan Satumba na 2020 ta ce ɗan aiken Glovo ma'aikaci ne, a 2021 kuma ƙasar ta yi dokar da ke ɗaukar ƴan aiken manhaja a matsayin ma'aikata sai in kamfani ya tabbatar da akasin haka. Kotun Ƙolin Holan ta yanke irin wannan a kan Deliveroo a watan Maris na 2023. Amma a watan Nuwamba na wannan shekarar, Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda ta bai wa direbobin Uber gaskiya, ta ce ƴan aiken Deliveroo ba sa cikin hulɗar ma'aikaci da mai gida. Babban dalilinta shi ne yarjejeniyarsu ta ba su damar sa wani ya kai saƙo a madadinsu kusan ba tare da sharaɗi ba, kuma an ga ana yin hakan a aikace. Aikin ma'aikaci kuwa aiki ne da mutum ke yi da kansa.

Ina aiki da asusun wani, ko na ba wani aron nawa. Akwai matsala?

Akwai, babba. Idan manhajar ta hana, wanda ke aiki da asusun aro ba shi da wata alaƙa da kamfani a doka, sunansa ba ya ko'ina. In ya yi hatsari ba shi da abin nunawa. Mai asusun kuma shi za a fara nema idan kaya suka ɓace ko aka cuci fasinja, kuma ya ba kamfani dalili mai ƙarfi na rufe shi. Na san ana yi saboda zumunci ko don ƙani ya sami na abinci, amma gara a taimaka masa ya buɗe nasa.

Idan na yi hatsari a bakin aiki, wa zai biya?

Ya danganta da matsayinka. Idan kai ma'aikaci ne, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba ka kariya, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta tana da faɗi: ta haɗa da na wucin gadi, da na ɗan lokaci, da wanda aka ɗauka da baki. Akwai wa'adi. Kai ko iyalinka ku sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara guda. A yi sanarwar a rubuce, ko da saƙon waya ne, a ajiye kwafi.

Idan an ɗauke ka mai zaman kansa, abin da ya rage shi ne inshora. Wasu manhajoji suna da inshorar tafiya, amma a karanta daga yaushe zuwa yaushe take aiki, domin galibi tana farawa ne daga karɓar aiki ta ƙare da sauke fasinja ko miƙa kaya. Wanda mota ta buge shi yana tsaye yana jira, ko yana hanyar komawa gida, zai iya samun kansa a waje.

Sai inshorar dole ta abin hawa. Ita wasu take karewa, ba kai ba. Tun Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Tarkon da ke ciki shi ne takardar motar gida ba ta haɗa da ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Wanda ke haya da irin wannan takarda, kamfanin inshora na iya ƙin biya ranar da abu ya faru. A gaya musu gaskiyar aikin da motar ke yi tun wajen yanka.

Idan ni na buge wani ko na ɓata kayan kwastoma, kamfani zai ɗauki nauyi?

A ƙa'ida mai gida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, amma ba ya ɗaukar na ɗan kwangila. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanoni ke riƙe da kalmar mai zaman kansa da hannu biyu. Laifin tuƙin ganganci kuwa na mai tuƙi ne ko da wane matsayi yake.

An rufe mini asusu ba tare da an ji ta bakina ba. Ina da abin yi?

Wani direba ya taɓa nuna mini wayarsa a wata majalisa bayan la'asar. Layi biyu ne kacal da Turanci, cewa an dakatar da asusunsa saboda saɓa ƙa'ida. Ba a ce wace ƙa'ida ba, ba a ce wace tafiya ba. Ya ce mini, “Yallaɓai, shekara uku ina wannan aiki, ko mutum ɗaya ban samu na yi wa bayani ba, duk saƙon da na tura amsa iri ɗaya ke dawowa.” Ga bashin mota a wuyansa, ga kuɗin makonsa a maƙale a ciki.

Abu na farko, kuɗin da ka riga ka yi wa aiki haƙƙinka ne ko kai ma'aikaci ne ko ɗan kwangila, kuma kana iya nemansa a kotu a matsayin bashi.

Abu na biyu hanya ce da mutane ba su cika sani ba, kuma ba ta buƙatar a fara tabbatar da cewa kai ma'aikaci ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kowa damar neman kwafin bayanan da kamfani ke riƙe da su a kansa. Sashe na 37 kuma ya yi magana a kan hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke wanda ya shafi mutum sosai: kana da damar neman ɗan Adam ya duba, ka faɗi naka, ka ƙalubalanci hukuncin. Ka rubuta wa kamfanin, ka sa kwanan wata, ka nemi dalilin rufewa da bayananka da kuma mutum ya sake dubawa. In suka yi shiru, Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa tana karɓar ƙorafi. Da irin wannan doka ta Turai wasu direbobi suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara ta Amsterdam a watan Afrilu na 2023.

Yarjejeniyar ta ce sai dai a yi sulhu a wata ƙasa. Wa zan ma kai ƙara?

Duba sunan kamfanin da ke saman yarjejeniyar, domin sau da yawa ba shi ne mai ofis a garinku ba. A Afirka ta Kudu direbobin Uber sun yi nasara a hukumar sasanta rikicin ƙwadago a 2017, amma a Janairun 2018 kotu ta soke, saboda reshen cikin gida suka kai ƙara alhali yarjejeniyarsu da kamfanin da ke Holan take. Batun sulhu a waje kuma ba kullum yake tsayawa ba: a 2020 Kotun Ƙolin Kanada ta soke irin wannan sharaɗi a shari'ar Uber da Heller, inda sai direba ya biya kusan dala 14,500 kafin a fara sauraronsa. A nuna wa lauya yarjejeniyar kafin a rubuta sunan kowa a takardar ƙara.

In aka ce mu ma'aikata ne, za mu sami mafi ƙarancin albashi na naira 70,000?

Ba kai tsaye ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta ware waɗanda ake biya da kamasho ko bisa yawan aikin da suka yi, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Don haka ɗan aiken da ake biya a kan kowane saƙo zai iya cin shari'ar matsayi amma wannan adadin, da aka sa wa hannu a Yulin 2024, bai hau kansa ba. Ribar da ta fi tabbata ita ce diyyar rauni, sanarwa kafin sallama, da fansho.

Shin kowane direba ma yana son a mayar da shi ma'aikaci?

A'a, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai ma'aikacin gwamnati da ke fitowa da yamma, akwai ɗalibi, akwai mai kunna manhaja uku yana zaɓar wadda ta fi tsoka. Mai gida da ke biyan fansho yana iya cewa ga lokacin fitowa, kuma ban da yi wa wani aiki. Kamfani ma na iya tattara nasa ya tafi, kamar yadda Deliveroo ya bar Spain a ƙarshen 2021.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka bi ta wata hanya. Kenya a 2022 ta ƙayyade kamasho kada ya wuce kashi 18 cikin ɗari, ba tare da ta taɓa batun matsayi ba. Tarayyar Turai a 2024 ta yi dokar da ta juya nauyin hujja: in akwai alamun iko da umarni, a ɗauka ma'aikaci ne, kamfani ya kawo shaidar cewa ba haka ba ne, kuma an ba ƙasashe zuwa 2 ga Disamba, 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu. Ni wannan na fi ganin adalcinsa, domin duk bayanan suna hannun kamfani, shi ya san awa nawa kowa ya yi da dalilin da ya sa aka rufe shi. A Najeriya kuma gwamnati ta yi wa ƙungiyar direbobin manhaja, AUATON, rajista a 2023, abin da ya ba su bakin magana a ƙungiyance tun kafin a warware batun matsayi.

Me zan fara ajiyewa daga yau?

Ka sauke yarjejeniyar da ka amince da ita, kuma duk ranar da aka sabunta ta ka sake saukewa, domin tsohuwar tana ɓacewa daga manhaja. Kowane ƙarshen mako ka ɗauki hoton allon da ke nuna awannin da ka yi a kunne, yawan tafiya, abin da aka cire da abin da ya shigo. Duk saƙon gargaɗi a kan ƙin karɓar aiki, sokewa ko faɗuwar taurari, ka ɗauki hotonsa, haka sanarwar sauya farashi ko kamasho, domin waɗannan su ne shaidar iko. Idan motar ko babur ɗin na wani ne, ku rubuta yarjejeniyar balas ko ta biya sannu a hankali, da shaidu biyu, kuma ka riƙa biya ta banki maimakon hannu da hannu. Rasit ɗin asibiti da rahoton ƴan sanda na kowane hatsari, ko ƙarami ne, su shiga ciki.

Kada ka bar waɗannan a cikin manhajar ko a wayar aiki kaɗai. Ka tura su imel ɗinka ko wayar wani na gida da ka amince da shi, domin ranar da aka rufe asusu tarihin tafiye-tafiyenka na iya rufuwa tare da shi, kuma wayar da ke maƙale a kan babur ita ke fara fashewa idan aka faɗi.